Kurakuran da aka fi yi wajen auna zafi da LM35 a kan Arduino Uno

Matasa da dama a nan Tawa suna haɗa na'urar ƙyanƙyasar ƙwai da hannunsu: akwati, fitila mai ɗumama ciki, LM35 da Arduino Uno. Ƙwan kaza yana son zafi wajen digiri 37.5, kuma kuskuren digiri 2 ya isa ya ɓata ƙyanƙyasa. Abin da ke damuna shi ne, in aka yi hasara sai a ɗora wa LM35 laifi, alhali galibi matsalar tana cikin yadda ake karanta shi.

LM35 yana fitar da milibolt 10 ga kowane digiri, wato a digiri 37.5 yana ba da milibolt 375. ADC ɗin Uno, wato sashen da ke mayar da bolt zuwa lamba, mai bit 10 ne, yana raba bolt ɗin awo gida 1024, ya ba ka lamba daga 0 zuwa 1023. Bai san bolt ba, kwatantawa kawai yake yi da wannan bolt ɗin awo.

Babban kuskure shi ne a rubuta 5.0 cikin lissafi a ɗauka shi ke nan. In ba ka canza komi ba, bolt ɗin awo shi ne wutar da allon Uno ke ci, kuma cajar waya ko USB ba kullum suke ba da bolt 5 cif ba. Kamar awon hatsi ne: in tiya ta ƙanƙance, buhu ɗaya zai ba da tiya da yawa, hatsin kuwa bai ƙaru ba. A ce caja tana ba da bolt 4.7. Milibolt 375 zai fito 81 maimakon 76, lissafi da 5.0 ya mayar da shi digiri 39.6. Na'ura za ta kashe fitila da wuri, ta riƙe ƙwai a wajen digiri 35.3, allo kuma yana nuna maka 37.5. Alamar wannan ciwo a fili take: lambar tana tsalle daidai lokacin da rile mai kunna fitila ya kama, ko kuma ta canza in ka sauya caja. Zafin akwati ba ya tashi digiri ɗaya cikin ƙiftawar ido.

Ko da wutar ta tsaya cif, akwai matsala ta biyu. Bolt 5 a raba 1024, kowane taki milibolt 4.9 ne, kusan rabin digiri. Allon da ke nuna 37.11 sannan ya haura 37.60 ba shi da komi a tsakani, yawan lambobi bayan ɗigo ado ne kawai.

Magani ɗaya yana ɗauke duka biyun: a koma kan bolt ɗin awo na cikin ATmega328P, ƙwaƙwalwar Uno, mai bolt 1.1. Ba ya bin caja, taki ya sauko zuwa wajen digiri 0.11, kuma yana kaiwa har digiri 110. Amma kada a rubuta 1100 ido rufe, domin daga wannan allo zuwa wancan yana iya zama ko'ina tsakanin bolt 1.0 da 1.2. Bayan shirin ya fara karatu, ɗora mita tsakanin AREF da GND ka rubuta abin da ka gani. In 1.08 ne ka yi lissafi da 1.1, za ka ga 38.1 a inda gaskiya 37.5 ce. Wannan shawara ta LM35 ce. Mai auna zafi da tamista da aka jera da rizisto a kan bolt 5 ya bar awonsa yadda yake, don shi tare da wutar yake hawa da sauka.

Saura ɗaukar karatu. Karatun farko bayan sauya bolt ɗin awo a zubar da shi. Kuma kada a yanke hukunci da karatu guda, saboda wayar LM35 tana kwasar hayaniyar wutar gida, mai juyi 50 a daƙiƙa. Karatu 100 cikin wajen kashi ɗaya bisa biyar na daƙiƙa ya ratsa juyi goma, hayaniyar ta kashe kanta:

```
analogReference(INTERNAL);  // cikin setup()
analogRead(A0);
delay(10);

long jimla = 0;
for (int i = 0; i < 100; i++) {
  jimla += analogRead(A0);
  delay(2);
}
float zafi = jimla / 100.0 * 1080.0 / 1024.0 / 10.0;
```

Ka sa naka awon, da milibolt, a wurin 1080.0, kuma kada ka cire ɗigon da ke cikin lambobin, in ba haka ba rabawa za ta yar da ragowa. A kan Arduino Mega sunan `INTERNAL1V1` ne.

In lambar ta ci gaba da rawa, duba waya. Wayar GND ta LM35 ta tafi kai tsaye zuwa allon, kada ta yi tarayya da ta rile ko fanka, domin faɗuwar milibolt 10 a kanta digiri ɗaya ne cur. In wayar ta yi tsawo, sa rizisto 2k a ƙafar fitarwa, dab da LM35 ɗin. Shi kansa LM35 yana iya kaucewa da wajen rabin digiri, don haka kafin ka zuba ƙwai ka ajiye ma'aunin zafi na asibiti kusa da shi, a tsayin ƙwai, ka gyara bambancin cikin lissafi.