Kurakuran da manoma ke ta maimaitawa a kan inshorar gona

Wallahi na gaji da jin kalmar nan ta "inshora sun cinye mana kuɗi" duk ƙarshen damina, kuma in ka zauna da mutum ka tambaye shi wace irin inshora aka yi masa sai ka ga bai sani ba, shi dai an cire kuɗin a cikin bashin da ya ci, ya dangwala hannu.

To nan ne babban kuskuren. Inshorar gona yawanci iri biyu ce ake yi mana. Akwai wadda jami'i zai zo gonarka ya ga ɓarnar da idonsa ya ƙiyasta, irin wadda hukumar inshorar gona ta tarayya, NAIC, ta daɗe tana yi tun da aka fara tsarin a 1987. Akwai kuma ta yanki, wadda ba ruwanta da gonarka kai kaɗai, za a zaɓi wasu gonaki a yankin a yanka a auna, abin da aka samu shi ne hukuncin kowa. Ga misali, lissafin nawa ne don a gane, kowace takarda da nata kason. An yi wa hektarka ta shinkafa inshorar naira dubu 500, yankinku ya saba ba da buhu 40, takarda ta ce sai an faɗo ƙasa da kashi 70 cikin 100, wato buhu 28, za a biya. Aka auna aka samu 21. Giɓin buhu 7 ne cikin 28, kwata kenan, za a ba ka dubu 125. Amma in yankin ya ba da buhu 30, kai kuma ruwa ya kwanta a taka gonar ka tashi da buhu 5, ko sisi ba za ka gani ba, kuma ba cuta aka yi ba, abin da ka sa wa hannu kenan. Wannan ya taɓa ci mana tuwo a ƙwarya a ƙungiyarmu, gonakinmu na kwari suka nutse na tudu suka yi kyau, muka biya bashi daga aljihu. Tun lokacin ba na sa hannu sai an faɗa min a gaban shaidu wace iri ce, ina iyakar yankin, kuma kashi nawa ne.

Na biyun kuwa laifinmu ne mu manoma, kuma shi ya fi ɓata min rai. Mutum ya ji an yi masa inshora sai jikinsa ya mutu, ya kai takin da aka ba shi kasuwa, noman farko a makare, maimai kuwa babu, wai ai in ta lalace za a biya. Haba malam! Jami'in da zai zo fa ba yaro ba ne, zai ga ciyawa ta fi shukar tsawo, ganye ya yi ɗorawa saboda yunwa, ya leƙa gonar maƙwabcinka da kuka sha ruwan sama ɗaya ya ganta kore shar. Sakaci ba ya cikin abin da ake biya. In kuma ta yanki ce, biyan da za a yi maka ɗaya ne ko ka yi aiki ko ba ka yi ba, hatsinka kawai ka zubar. Irin wannan halin ne ma ya sa kamfanoni ke gudun zuwa gona-gona suke komawa awon yanki, ko su ƙara kuɗi, ko su ce kai za ka ɗauki kason farko na asarar. Mai gaskiya shi ke biyan kuɗin sakacin wani, kuma haƙƙi ne.

Sauran a gurguje. In ɓarna ta faru ka sanar nan take, kwanakin da aka ba ka suna cikin takardar kuma ba su da yawa. Kar ka nome gonar ko ka sake shuka kafin a zo a gani, ka ɗau hoto da waya. Ajiye rasit na iri da taki. Yawanci kuɗin da aka kashe ake rufewa, ribar da ka ƙiyasta ba ta ciki, in ma bashi ne banki zai fara karɓa. Mai shakka ta fuskar addini ya tambayi kamfanonin takaful, wato inshorar tsarin Musulunci, ko suna yin ta gona.

Ni dai abin da nake yi, ba na zuba komai a fadama ɗaya. Shinkafa a kwari, gero da wake a tudu, iri mai saurin nuna in hasashen hukumar kula da yanayi ta NiMet ya ce daminar gajera ce, sannan da 'yan awaki da nake sayarwa in taki ya yanke min a tsakiyar Agusta.