Yadda ake zaɓen injin busta don banɗakin bene mai raunin ruwa

A gidajen bene da yawa na Kano da Kaduna, ruwa daga rijiyar burtsatse yake hawa tankin sama, daga nan ya gangaro da nauyinsa. Banɗakin ƙasa yakan samu ruwa da ƙarfi, amma na bene sai shawa ta riƙa tsiyaya kamar bakin buta. Dalilin shi ne ƙarfin ruwa tazarar tsayi yake bi. Kowace mita 10 tsakanin saman ruwan tanki da bakin famfo tana ba da kusan bar 1, bar kuwa shi ne ma'aunin ƙarfin ruwa. Idan tankin mita 2 kawai ya ɗara kan shawar bene, bar 0.2 ke nan, alhali shawa mai daɗin wanka tana son bar 1 zuwa 2.

Kafin ka je kasuwa, ka tabbata ciwon na tsayi ne. Kwance kan shawar, ka buɗe ruwa ta zallar bututu. In ya fito da kyau, yashi ko gishirin ruwa ne ya toshe ramukan, jiƙa shi a ruwan tsami ya wadatar. Duba kuma ƙananan makullan ruwa na jikin bango, don sau da yawa a rabi ake barinsu. Injin busta, mai ƙara wa ruwa ƙarfi, ba ya gyara toshewa, sai dai ya yi ta gurnani a bayanta.

In ka gama wannan, ɗauko bokiti mai cin lita 10 da agogon waya, ka tara a shawa. Mu ɗauka ya cika a minti biyu da rabi. Lita 4 ke nan a minti, kuma shawa ta yau da kullum tana buƙatar wajen lita 10.

Yanzu lamba ta farko da za ka riƙe, wato yawan ruwa, wanda ake rubutawa da Q. Kada ka haɗa duk famfunan banɗakin, ka ƙirga waɗanda za su iya buɗewa lokaci guda kawai. A banɗaki ɗaya, abin da aka saba shi ne mutum yana wanka, tankin masai kuma yana cika ko famfon wanke hannu yana buɗe. Shawa lita 10, ɗayan lita 5, jimla lita 15 a minti.

Lamba ta biyu ita ce tsayin da injin zai tura, wanda ake rubutawa da H, a nan kuma aka fi kuskure. Ana lissafa shi da mita, ko da ruwan ba hawa yake yi ba. Fara da ƙarfin da kake so a kan shawa, mu ce bar 1.5, wato mita 15. Sai ka ƙara abin da bututu yake cinyewa. Ruwan lita 15 a minti yana rasa kusan mita 1.3 a kowace mita 10 ta bututun rabin inci, amma a na inci uku bisa huɗu bai kai rabin mita ba. A gidan da muke misali da shi akwai mita 12 ta babban da mita 6 ta ƙaramin, sun cinye kusan mita 1.3. Lanƙwasa-lanƙwasa da makullai da hita da mahaɗin ruwan zafi da sanyi su ma suna da rabonsu, don haka a kai shi mita 3. Daga ƙarshe ka cire abin da tanki yake bayarwa kyauta. Ka auna daga mafitar ruwa ta gindin tankin zuwa kan shawa, ba daga samansa ba, domin ranar da tanki ya kusa ƙarewa ma za a yi wanka. A nan mita 2 ce.

```
H = 15 + 3 - 2 = 16 m
Q = 15 L/min
```

Ke nan injin da kake nema shi ne wanda zai ba da lita 15 a minti yana kan tsayin mita 16, duka biyun tare.

Kalmar "tare" ɗin ita ce tarkon kasuwa. A jikin kowane inji za ka ga Hmax da Qmax. Hmax tsayin da yake kaiwa ne lokacin da ko ɗigo ba ya fita, Qmax kuma ruwan da yake zubarwa ne in ba ya tura komai sama. Ba ya taɓa yin su a lokaci guda. Abin dubawa shi ne zanen da ke cikin takardar injin, wanda yake nuna tsayi a gefe da yawan ruwa a ƙasa: nemi lita 15, ka hau sama ka ga mita nawa layin ya nuna. In kwalin ba takarda, wannan kimantawa tana kusantar gaskiya ga ƙananan injina:

```
H = Hmax x (1 - Q / Qmax)
```

Mu gwada uku. Mai shago zai fara miƙo maka ɗan ƙaramin nan mai wat 120 da ake ɗaurawa a jikin bututu, an rubuta masa Hmax mita 12 da Qmax lita 25 a minti. A lita 15 bai kai mita 5 ba. Zai ɗan farfaɗo da shawar, amma ya yi nesa da 16. Na biyu mai ƙarfin rabin doki ne, 0.5 HP, an rubuta 35 da 35. Shi yana ba da mita 20, ya biya buƙata har da ɗan rara, shi ne naka. Na uku mai doki ɗaya, 60 da 50, zai ba da mita 42, kuma in an rufe famfo ƙarfinsa yakan kai kusan bar 6. Wannan ne ke sa mahaɗan bututun roba da aka manna da gam su fara zufa a cikin bango, bawul ɗin hita ya riƙa ɗiga, ga ƙara. A ganina gara inji ya ɗan gaza a kan ya wuce haka, domin fasa tayil ya fi canza inji tsada.

In tankinka a ƙasa yake, lissafin ya juya: tsayin ƙarawa ake yi, ba cirewa ba. Shawar bene tana iya zama mita 6 sama da tankin, bututun ma ya fi tsawo, sai ka samu 15 da 6 da 4, wato mita 25. Mai rabin dokin nan ya gaza ke nan. Kada kuma ka jona inji kai tsaye da bututun ruwan gwamnati. Zai janye rabon maƙwabta, ya kuma tsotso ƙazanta ta wuraren da bututun ya fashe.

Saura abin da zai riƙa kunna shi. Akwai makunni mai jin motsin ruwa, wanda sai ruwa ya fara gudana da kansa yake tayar da inji. Da tazarar mita 2 yakan yi aiki, amma in kan shawa ya kusa daidai da gindin tanki ba zai tashi ba. A nan sai na'ura mai jin saukar ƙarfi, ka kuma zaɓi mai kashe inji in tanki ya bushe. Illarta ɗaya: in tankin masai yana yoyo, za ka ji inji yana tashi yana mutuwa tsakar dare ba wanda ya taɓa famfo.

Wurin ɗaurawa kusa da mafitar tanki ne, ƙasa da gindinsa, da bututun shiga wanda bai gaza bakin injin faɗi ba. Ya kasance kafin reshen da ya tafi hita, in ba haka ba ruwan sanyi zai danne na zafi a mahaɗi. Ka sa mai gyaran famfo ya yi hanyar kewaye da bawul mai hana ruwa komawa baya, don ranar da aka ɗauke wuta ruwa ya ci gaba da gangarowa ko da a hankali. Bayan an gama, koma da bokitin nan: da famfon wanke hannu a buɗe, ya kamata shawa ta cika shi cikin minti ɗaya.