Kurakuran da ɗalibai suka fi yi a asaimen ɗin rufe firojek, da yadda ake gyara su

Yawancin asaimen ɗin rufe firojek da ake rubutawa labarin ranar buɗe aiki ne kawai, an yanka ribon, ciyaman ya yi jawabi, an ci an sha, shi ke nan wai firojek ya rufe. To ba wannan lakcara yake nema ba. A littafin jagoran gudanar da firojek na PMBOK bugu na shida na 2017 rufewa mataki ne mai zaman kansa, haka ma a tsarin gudanar da firojek na PRINCE2, kuma abin da ake dubawa shi ne shin an karɓi aikin a rubuce, an yi lissafi na gaskiya, an danƙa amfanin a hannun wani takamaiman mutum, sannan an sallami mutane da kaya da kuɗi yadda ya kamata.

Bari mu ɗauki misali ɗaya irin wanda ake bayarwa a aji mu bi shi har ƙarshe. A ce wata ƙungiya ta haƙa bohol mai sola a wani asibitin sha-ka-tafi na ƙauye. Bajet naira miliyan 12, a ciki miliyan 10 na ɗan kwangila ne, wa'adi sati 16. Da aka gama an kashe miliyan 13.2, an kuma ci sati 19.

Inda aka fi zubar da maki shi ne wajen miƙa amfani, don haka da shi zan fara. Ɗalibi zai rubuta "amfanin firojek shi ne an samar da bohol da tanki da famfo guda shida". Wannan ai ba amfani ba ne, kayan da firojek ɗin ya samar ne. Amfani shi ne abin da ya canza a rayuwar asibitin saboda kayan nan, kuma dole ya zama abin da za a iya aunawa. A misalinmu, a ce kafin bohol ɗin asibitin na kashe naira 90,000 duk wata wajen sayen ruwa a hannun 'yan garuwa, to amfanin shi ne wannan kuɗin ya sauko zuwa ƙasa da 10,000. Ka ga kenan sai an rubuta yadda abin yake tun kafin a fara, in babu wannan 90,000 ɗin a takarda babu da me za ka gwada, duk abin da ka faɗa daga baya zance ne kawai.

Sai matsala ta biyu a nan, wadda ma ta fi ta farko: ranar da ake rufe firojek amfanin bai fito ba tukuna, jiya-jiya fa aka kunna famfon. Manajan firojek zai tafi, tim zai watse, to wa zai auna? Ɗalibai sai su rubuta "al'umma za su kula da shi" ko "masu ruwa da tsaki", alhali aikin da aka bar wa kowa babu mai yin sa. Gyaran shi ne ka ambaci muƙami ɗaya: in-cajin asibitin shi ne mai amfanin, daga littafin kashe kuɗin asibiti zai ciro adadin, zai auna bayan wata uku da kuma bayan wata shida, ya kai wa kwamitin da ya ba da kuɗin. Ni in da ni ne zan tabbatar ɗaya daga cikin awon nan ya faɗo a Maris ko Afrilu lokacin da ruwan ƙasa ke ja baya, don bohol ɗin da aka gwada a watan Agusta yana ambaliya ba shi ne hujjar cewa zai kai bazara ba. Lakcara in ya ga irin wannan ya san ka yi tunani, ba kwafo tamfulet ka yi ba.

Kada kuma ka manta da nauyin da ke biyo amfanin. Wa zai riƙa wanke fanel ɗin sola lokacin hunturu da ƙura ke rufe shi, wa zai biya maigadi, in famfon ƙasa ya ƙone daga wane aljihu za a gyara, ina takardar garanti take kuma yaushe za ta ƙare. Waɗannan duk suna shiga takardar miƙawa, in-caji ya sa hannu cewa ya karɓa kuma ya san abin da ya karɓa.

Rifot ɗin ƙarshe kuwa, kuskuren da aka saba shi ne a maida shi dayari, sati na farko mun je mun ga fili, sati na biyu mota ta zo. Babu mai buƙatar wannan. Rifot ɗin ƙarshe gwaji ne tsakanin abin da aka yi alkawari da abin da ya faru, a kuɗi da lokaci da girman aiki da inganci, tare da dalilin kowane bambanci. An ƙara miliyan 1.2 a kan miliyan 12, wato kashi 10 cikin ɗari, amma kar ka tsaya nan, fasa shi: an yi kiyasin za a samu ruwa a mita 60 sai da aka kai 95, ƙarin mita 35 a kan naira 20,000 kowace mita ya ba da 700,000, sauran 500,000 ɗin tashin farashin fanel ne tsakanin ranar kotashin da ranar saye. Wasu kuma wayo suke yi, sai su gwada kuɗin da aka kashe da bajet ɗin da aka yi wa kwaskwarima daga baya, sai ya fito kamar ba a wuce ko kwabo ba. Nuna duka biyun, na asali da wanda aka amince da canjinsa, da ranar da aka amince.

Akwai wani tarko a nan da ke kama har masu ƙoƙari. Idan kos ɗinku ya koyar da lissafin ƙimar aikin da aka kammala, za ka so ka saka waɗannan, inda EV ke nufin ƙimar aikin da aka kammala, AC kuɗin da aka kashe, PV ƙimar aikin da aka tsara, CPI ma'aunin kuɗi, SPI kuma ma'aunin lokaci:

```
CPI = EV / AC = 12 / 13.2 = 0.91
SPI = EV / PV = 12 / 12 = 1.0
```

Na farkon daidai ne, yana nufin duk naira ɗaya da aka kashe aikin kwabo 91 ta yi. Na biyun ne matsalar, ɗalibi zai ga 1.0 ya rubuta "an gama a kan lokaci" alhali shi da kansa ya ce an makara da sati uku a shafin baya. Dalili shi ne duk firojek ɗin da aka kammala, ko da shekara ya makara, EV ɗinsa zai zo daidai da PV tunda an yi duka aikin da aka tsara, saboda haka SPI a ƙarshe kullum 1 ne. Wajen lokaci ka yi amfani da kalanda kawai, sati 19 maimakon 16, makarar sati 3, kusan kashi 19 cikin ɗari.

Darussan da aka koya, wannan sashen wallahi da yawa kamar mutum ɗaya ne ya rubuta wa kowa. "Sadarwa tana da muhimmanci." "A riƙa tsari da wuri." Gwajin mai sauƙi ne, in za ka iya ɗauke jimlar ka manna ta a firojek ɗin gina aji ko na rabon gidan sauro ta zauna daram, to ba darasi ba ce. Darasi yana faɗin abin da ya faru, da sanadinsa, da abin da ya jawo, da abin da na gaba zai yi daban. A namu: ba a yi binciken ƙasa ba kafin a sa farashi, an dogara da zurfin wani bohol da ke maƙwabtan ƙauye, hakan ya jawo ƙarin 700,000 da jiran sati biyu kafin kwamiti ya zauna ya amince, saboda haka nan gaba kada a fitar da kwangilar haƙa sai rahoton binciken ƙasa yana cikin fayil, kuma a ba manaja ikon amincewa da ƙarin da bai wuce wani adadi ba ba sai ya jira kwamiti ba. Uku irin wannan sun fi goma na gama-gari. A guji kuma maida sashen wajen ɗora laifi, "ɗan kwangila malalaci ne" ba zai taimaki kowa ba, tambayar ita ce me ya sa tsarin zaɓensa da sa masa ido bai gano hakan da wuri ba. Kuma a saka abin da ya yi kyau ma, don a maimaita shi. Ka nuna cewa darussan daga rajistar da aka riƙa cikewa tun farkon aiki suka fito, ka kuma faɗi wanda za a ba wa su, tunda darasin da ya kwanta a laftof ɗin manaja babu wanda zai koya.

Sakin kaya da ma'aikata shi ake yi wa layi ɗaya, "an sallami kowa", kuma a nan jeri ne abin lura. Ba a sallamar injiniya kafin a yi zaman darussa, in ya koma wani sait samunsa sai an sha wuya. Ba a sallamar akanta kafin kowa ya kawo rasit ɗin adibas ɗin da ya karɓa. Janareto da kwantenar da aka yi haya a mayar da su ranar da aka gama da su don kuɗin haya bai san an yanka ribon ba, ragowar bututu da siminti a ƙirga a rubuta inda suka tafi. Ma'aikatan da aka aro daga wani sashe a rubuta wa shugabanninsu ranar dawowarsu da bayanin yadda suka yi aiki.

Sai kuɗin riƙo, wanda kusan kowa ke mantawa. A ce kwangilar ta ce a riƙe kashi 5 cikin ɗari na ainihin miliyan 10 ɗin, wato 500,000, har wata shida na lokacin gyaran aibu ya wuce. Idan ka rubuta "an biya ɗan kwangila duka an rufe asusu" ka saɓa wa kwangilar, kuma in tanki ya fara yoyo a wata na biyu babu abin da za ka riƙe shi da shi. Idan kuma ka ce firojek ba zai rufe ba sai bayan wata shida, ka ajiye tim ana biyansu albashi ba aiki. Abin da ake yi shi ne a rufe firojek ɗin, a saka kuɗin riƙon cikin jerin ayyukan da suka rage, a rubuta wanda zai je duba bohol ɗin idan wa'adin ya cika, da ranar, da wanda zai sa hannu a saki kuɗin, yawanci sashen kuɗi na ƙungiyar tare da in-cajin asibitin. Shi ma wannan jerin a haɗa shi da takardar neman izinin rufewa, don manaja ba shi ke rufe firojek da bakinsa ba, shawara yake kaiwa, kwamitin ko mai ɗaukar nauyin aikin ne ke sa hannu.