Kurakuran lissafin ribar tumatir idan za a kai shi Legas

Manomin da ke noman rani a Kadawa ko Kura ko Bunkure a jihar Kano yakan sami kansa tsakanin zaɓi biyu idan tumatir ya nuna: ko ya sayar a kasuwar kusa kamar Kwanar Gafan, ko ya yi lodi zuwa kasuwar Mil 12 da ke Legas, tafiyar kusan kilomita 1,000. Mafi yawan asarar da ake tafkawa a wannan hanya a lissafi take farawa, tun mota ba ta tashi ba. Alkaluman da ke ƙasa na misali ne, domin farashi yana sauyawa daga mako zuwa mako, sai kowa ya sa nasa a gurbinsu.

A ɗauka manomi yana da kwando 100, kuma an gaya masa a waya cewa kwando yana kai naira 25,000 a Legas. Abin da ya kashe wajen noma wannan kaso, daga iri da taki da magani zuwa man injin ban ruwa da kuɗin ƙwadago, naira 600,000 ne. Direba ya ce naira 5,000 zai karɓa a kan kowane kwando. Sai manomin ya ninka 100 da 25,000 ya sami naira miliyan 2.5, ya cire kuɗin mota da na noma, ya ga ribar naira miliyan 1.4 tana jiransa.

Kuskuren farko shi ne ɗaukar kuɗin mota a matsayin dukan kuɗin kai kaya. Kafin tumatir ya hau mota an sayi kwandon da za a zuba shi, tare da abin rufi da igiya, a ce naira 1,500, kuma shi wannan kwando ba ya dawowa gida. Masu tsinka sun karɓi 500, masu lodi 300, 'yan dakon da za su sauke a can 300, sannan harajin kasuwa da abin da ake bayarwa a shingayen hanya, idan aka raba wa kwanduna, ya kama 400. Da kuɗin mota, kowane kwando ya ci naira 8,000, wato 800,000 ke nan a kan kayan duka. Akwai kuma guzuri da kuɗin motar dawowa na wanda ya raka kayan, a ce 60,000, da la'adar dillali, a ce 1,000 a kan kowane kwandon da ya sayar. Waɗannan ƙananan kuɗaɗe suna ɓacewa daga lissafi ne saboda daga aljihu ake fitar da su kaɗan-kaɗan, a wurare daban-daban, kuma ba wanda yake ba da rasit. Gyaransa shi ne a rubuta kowanne a lokacin da aka biya, kuma a tsayar da magana da direba tun kafin lodi a kan wanda zai ɗauki kuɗin shinge, domin a nan ake yawan samun saɓani bayan an isa.

Kuskure na biyu ya fi tsanani, shi ne ƙidaya kuɗin shiga da adadin kwandunan da aka loda. Duk kwandon da ya hau mota sai an biya masa kuɗinsa cif, amma wanda ya isa lafiya ne kaɗai yake kawo cikakken farashi. A misalinmu, kwando 70 sun isa da kyau an sayar a 25,000, sun kawo naira 1,750,000. Guda 20 sun farfashe sun fara zubar da ruwa, aka karyar da su a 10,000, suka kawo 200,000, sauran 10 kuwa sun ruɓe an zubar. Jimilla 1,950,000. Idan aka cire la'adar kwando 90, wato 90,000, da 800,000 na kai kaya, da 60,000 na ɗan rakiya, da 600,000 na noma, abin da ya rage naira 400,000 ne. Tsakanin wannan da abin da manomin ya sa rai akwai giɓin miliyan guda, alhali ba wanda ya cuce shi.

Wasu kuma, da suka fahimci wannan, sukan zarce su yi kuskuren da ke kishiyarsa: bayan sun cire dukan kuɗin da aka kashe, sai su sake cire kuɗin kwandunan da suka ruɓe a matsayin asara ta daban. Kowane ruɓaɓɓen kwando ya ci naira 14,000, wato 6,000 na noma da 8,000 na kai shi, amma wannan kuɗi yana cikin jimillar da aka riga aka cire, don haka sake cire shi ƙidaya sau biyu ne. Hanyar da ta fi amfani ita ce a ɗora nauyin a kan kwandunan da suka tsira. Dukan abin da aka kashe naira 1,550,000 ne. A rage 200,000 da farfasassun suka kawo, a raba saura ga kwando 70, sai a sami kusan naira 19,300. Wannan shi ne farashin da idan kwando mai kyau ya faɗi ƙasa da shi, an fara cin uwar kuɗi, kuma shi ya kamata mai kaya ya riƙe a ransa lokacin da dillali ya kira yana neman izinin sayarwa.

Yawan abin da zai lalace ba sa'a kaɗai ke yanke shi ba, kuma ana iya hango shi tun a gona. Tumatirin da aka bari ya yi ja sosai kafin a tsinka na kasuwar kusa ne. Wanda zai yi doguwar tafiya ana tsinkarsa ne yana fara nuna, da sauran ƙarfi a jikinsa. Wanda aka tsinka da tsakar rana ya shiga kwando da zafinsa, wanda aka yi wa ban ruwa mai yawa dab da tsinka yana saurin tsagewa, wanda kuma tsutsar sharon ta huda yana ruɓewa ya shafi na kusa da shi. Cika kwando har ya yi tozo yana sa na sama ya murƙushe na ƙasa da zarar an jera wani a kansa. Kiret na roba yana rage wannan matsi saboda nauyin yana sauka a kan gefunansa, sai dai yana da kuɗin haya da na mayar da shi, waɗanda su ma dole su shiga lissafi. Ko da an kiyaye duka wannan, mota tana iya lalacewa a hanya ta ƙara kwana, shi ya sa bai dace a yi lissafin tafiya ba tare da ware wani kaso na lalacewa ba, gwargwadon abin da mutum ya gani a lodinsa na baya.

Kuskure na ƙarshe shi ne kwatanta farashin Legas da na gida kai tsaye. A ce kwando yana naira 12,000 a Kwanar Gafan a wannan rana. Tazarar 13,000 tana da ɗaukar hankali. Amma da manomin ya sayar a gida, da ya sami 1,200,000, ya kashe kimanin 3,000 a kowane kwando wajen sayen kwando da tsinka da dako da la'ada, ya cire 600,000 na noma, ya tsira da 300,000 a ranar, ba tare da ruɓa ba. Ashe ribar da tafiyar ta ƙara masa 100,000 ce kawai. Farashin da aka ji a waya kuwa na ranar lodi ne, kuma a watannin da kaya suka yi yawa, daga Janairu zuwa Maris, motoci da dama na iya isa kasuwar a dare ɗaya. Idan farashi ya sauka da naira 2,000 kafin a sauke, kwando 70 ɗin nan sun rasa 140,000, kuma wanda ya sayar a gida ya fi shi da 40,000.