Yadda ake ɗaukar hoton kaya da waya har a saya, misali da jakar fata

Ni kayan fata nake saidawa a WhatsApp da Facebook nan Damagaram, jaka da takalmi da alabe, ina ɗaukowa wajen dukawa. Farkon farawata wata hajiya a Yamai ta maido min jaka ta ce a hoto ja ce amma abin da ya iso mata kalar ƙasa ce, kuma gaskiyarta, da dare na ɗauka ƙarƙashin ƙwan lantarki da fulas. Kuɗin mota zuwa da dawowa duk ni na biya. To ga yadda nake yi yanzu.

Da farko ka goge gilashin kamera da gefen riga mai laushi. Kar ka raina wannan, ƙurar garin nan musamman lokacin buji da maiƙon hannu su ke sa hoto ya fito kamar hazo sai ka ɗauka wayar ce ba kyau.

Sai haske, nan ne aikin yake. Ka fito da kayan da safe wajen ƙarfe 8 zuwa 9 ko bayan la'asar, ka aje a inuwa, bakin ƙofar ɗaki ko ƙarƙashin rumfa inda haske ke shigowa ta gefe amma rana ba ta taɓa kayan ba. Ranar tsaka tana sa fata ƙyalli fari fat a wani waje, wani wajen kuma baƙi ƙirin, ɗinkin ma ba a gani. Ka kashe fulas, ka kashe ƙwan ɗaki. In gefe guda ya yi duhu sami farin kwali ka jingine a gefen, zai maido haske kan jakar. Wani abu kuma, in rumfar ta leda ce mai shuɗi ko kore ka bar wajen, kalarta za ta sauka kan kayan.

Ka shimfiɗa farin yadi ko mai ruwan toka, ba tabarma mai zane ba, ba zanen gado mai fulawa ba. Jakar ka cusa mata tsumma ko takarda ta tsaya da cikinta, in ba haka ba sai ta kwanta kamar tsohuwa. Ka durƙusa wayar ta zo daidai tsayin jakar, kar ka yi zum da yatsa don yana fasa hoto, taka da ƙafarka ka matsa kusa da jakar. Taɓa jakar a fuskar waya kamera ta kama ta, yawancin wayoyi za su nuna wata 'yar alamar rana, ja ta sama ko ƙasa har kalar ta daidaita. Bayan ka ɗauka ka kara wayar kusa da jakar ka duba da idonka, in jan bai zo ɗaya ba sake ɗauka. Filta kam kar ma ka taɓa.

Hoto huɗu sun isa: gaba, ciki a buɗe, ɗinki da zif daga kusa, sai ɗaya wani ya rataya ta a kafaɗa don a gane girmanta. In akwai tabo a fatar ɗauke shi a nuna, gara ya gani yanzu da ya gani bayan ya biya. Wajen turawa mutum a WhatsApp ka danna HD, in ba haka ba yana rage ingancin hoton.

Rubutun kuma, don Allah a bar "sabon kaya ya iso, mai so ya yi magana". Mutum na wucewa ne da yatsa, in bai ga kuɗi ba ba zai tsaya tambaya ba, wasu ma kunya suke ji kar su tambaya ya fi ƙarfinsu. Ga irin nawa:

Jakar mata ta fatar akuya, ɗinkin hannu, aikin Damagaram. Ja mai duhu. Faɗi santimita 30, tsayi 22, aljihu biyu a ciki, ɗaya mai zif. Jika 12. Saura guda 3. Ina Birni, cikin gari ɗan kabu-kabu zai kawo, Maraɗi da Yamai ina sawa a mota, kuɗin mota na mai saye.

Ka auna da tef na tela, kar ka ce "babba" ko "madaidaiciya", babbar wani ƙaramar wani ce. In takalmi ne rubuta lambobin da suka rage, 40, 42, 43. "Saura guda 3" ɗin ma sai in gaske ne, garin ƙarami ne ana ganewa. Sitatus awa 24 yake yi ya ɓace, don haka ni nakan aje hoton da rubutun waje guda in sake ɗorawa bayan isha'i lokacin da mutane suka zauna da waya, wadda aka saye kuma in cire ta nan take kar wani ya turo kuɗi a kan abin da babu.