Yadda Na Gyara Jadawalin Magungunan Hawan Jini

A ɗakinmu na haya a Garwa na zauna da babin magungunan hawan jini, jarrabawa saura mako guda. Jadawalina na farko shirme ne: kowane magani na ba shi layinsa, sai ga shi na sake kwafe littafin kaf.

Da na lura, sunayen da kansu suna faɗin danginsu. Masu ƙarewa da "-pril", irin su kaptofiril da enalafiril, gida ɗaya ne. Masu "-sartan" gidansu daban, haka masu "-dipine". Sai na koma layi ɗaya ga kowane gida, da gurbi uku: yadda yake aiki, amfaninsa, illarsa.

Gurbin illa ne ya fi ba ni wahala, domin littafin ya jero kusan ashirin. Na tsayar da doka: illa uku kawai, waɗanda zan iya bayyanawa daga aikin maganin ko masu haɗari. Dangin kaptofiril suna hana jiki samar da anjiyotensin na biyu, sinadarin da ke matse jijiyoyin jini, shi ya sa suke sauke hawan jini. Amma suna kuma hana rushe wani sinadarin jiki mai suna biradikinin, taruwarsa ce ke kawo busasshen tari. Rashin anjiyotensin ɗin kan sa aldosteron, sinadarin da ke sa ƙoda fitar da fotasiyam, ya ragu, sai fotasiyam ya taru a jini. Mai ciki kuwa ba a ba ta.

Daga nan layin losartan ya zo da sauƙi: bai taɓa biradikinin ba, don haka tari ba safai ba, amma taruwar fotasiyam da haɗari ga mai ciki suna nan. Amlodifin kuwa, na gidan "-dipine", kumburin ƙafa da ciwon kai na rubuta, tunda buɗe jijiyoyi yake yi.

Babin ya dawo shafi ɗaya. Na rufe gurbin illa da hannu, na faɗe su daga gurbin aiki.