Rubutun Ƙasan Bidiyo: Yadda Ake Daidaita Shi da Idon Mai Karatu

Mai kallon bidiyo yana karanta rubutun da ke ƙasa, yana kuma son ganin hoton da ke sama, saboda haka duk rubutun da ya ɓace kafin a gama karanta shi bai yi amfani ba, komai kyawun Hausarsa. Darasin nan ya tsaya ne a kan lissafi guda, wato yawan haruffan da za a iya ɗora wa mai karatu a cikin sakan ɗaya.

Masu wannan aiki suna ƙirga kowane harafi da alamar rubutu da sararin da ke tsakanin kalmomi, sannan su raba jimlar da yawan sakan da rubutun zai yi a kan allo. Ga babban mutum da ya saba da karatu, akan tsaya tsakanin haruffa 15 zuwa 17 a sakan ɗaya. A ganina, idan masu kallon sababbin shiga karatu ne, gara a sauko kusa da 12, domin su har yanzu suna haɗa gaɓoɓin kalma ne ɗaya bayan ɗaya. Layi kuma kada ya wuce haruffa 42, kada a jera fiye da layi biyu a lokaci guda.

A ce wani mai jawabi ya fara magana a sakan na 12 na bidiyo, ya gama a sakan na 17, ya ce: "To jama'a, kamar yadda na faɗa muku tun da farko, ya kamata kowa ya kashe wayarsa kafin a fara taron nan." Wannan jimla tana da haruffa 105. Idan aka raba 105 da sakan 5, za a sami 21, wanda ya wuce iyakar da aka saba ɗora wa ko da wanda ya saba da karatu, kuma jimlar ba za ta shiga layi biyu ba. Dole ne a rage ta, amma ba kowace kalma ake taɓawa ba. Za a iya cire "To" da "kamar yadda na faɗa muku tun da farko", tunda maimaici ne. Amma "ya kamata" sai a bar shi, domin idan aka cire shi, shawarar mutumin ta koma umarni, an sa masa abin da bai faɗa ba ke nan.

Ga yadda sakamakon zai kasance a cikin fayil irin na SRT, wanda ake adana rubutun ƙasan bidiyo da lokutansa a ciki:

```
1
00:00:12,000 --> 00:00:17,000
Jama'a, ya kamata kowa ya kashe wayarsa
kafin a fara taron nan.
```

Layin farko yana da haruffa 39, na biyu 23, jimla 62, wato ɗan sama da 12 a kowane sakan. A lura cewa waƙafi ne yake raba sakan da lambobi ukun ƙarshe, waɗanda ke ƙirga kashi dubu na sakan, kuma ana barin layi ɗaya babu komai kafin lamba ta 2.

Wurin da aka yanke layin ma ba da ka aka zaɓe shi ba. An yanke ne kafin "kafin", inda mai magana zai iya ɗan numfasawa. Da an bar "ya" a ƙarshen layin sama, "kashe" ya sauko ƙasa, da mai karatu ya yi tuntuɓe, domin a Hausa waɗannan ƙananan kalmomi irin su "ya", "ta", "sun" da "za a" manne suke da aikatau ɗin da ke biye da su.

Game da lokaci kuwa, rubutu ya fito daidai da buɗe bakin mai magana. Manhajojin kyauta kamar Subtitle Edit da Aegisub suna nuna zanen sautin muryar, inda ake ganin farkon magana ya tashi kamar tudu, sai a ja farkon rubutun zuwa gindinsa. Suna kuma lissafa saurin karatu da kansu a ƙarƙashin alamar CPS, wato yawan haruffa a sakan ɗaya. Kada rubutu ya gaza kimanin sakan ɗaya a kan allo, kada kuma ya wuce bakwai, don ido yakan koma ya sake karanta abin da ya daɗe. Tsakanin rubutu da mai bin sa a bar ɗan giɓi, kamar a fara na biyu a 00:00:17,080, yadda ido zai gane cewa an sauya.

Wajen adana fayil a zaɓi tsarin haruffa na UTF-8. Idan ba haka ba, haruffa masu lanƙwasa, wato ɓ, ɗ, ƙ da ƴ, sukan koma alamar tambaya ko wasu baƙin alamomi, kuma maye gurbinsu da haruffa marasa lanƙwasa ba mafita ba ne, tunda "kafa" daban take da "ƙafa". Bayan an gama, a kashe sautin bidiyon, a kalle shi a kan waya, a karanta kowane rubutu a bayyane cikin natsuwa. Duk wanda ya ɓace kafin a kai ƙarshensa, a ƙara masa lokaci idan akwai shiru a bayansa, in babu kuma a sake rage kalmominsa.